Tambayoyi da Amsoshi Kan Mayar da Adireshin Abokan Ciniki Zuwa Lambobin Taswira da Tantance Sakamakon

Duk wanda yake riƙe da tebur mai ɗauke da adireshin abokan ciniki dubu ko fiye, wata rana zai so ya gan su a kan taswira, ko don tsara hanyar masu kai kaya, ko don sanin yankin da ciniki ya fi yawa. Aikin mayar da rubutaccen adireshi zuwa latitud da longitud shi ne masu sana'ar ke kira jiyokodin, kuma manhajoji da dama suna iya yi wa tebur guda baki ɗaya cikin 'yan mintuna. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga abin da ke biyo bayan waɗannan mintuna, wato yadda mutum zai raba sakamakon da zai iya tura direba a kansa da wanda kamannin gaskiya kawai yake da shi.

Mene ne ainihin abin da manhajar take yi idan na ba ta adireshi?

Da farko tana yayyanka rubutun zuwa sassa: wannan lambar gida ce, wannan sunan titi, wannan gari, wannan lambar gidan waya. Daga nan sai ta shiga rumbun bayananta ta nemo wuraren da suka yi kama da waɗannan sassa, ta jera su daga wanda ya fi kama zuwa wanda bai kai ba, sannan ta miƙo na farko. Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, yawancin manhajojin an gina su ne domin su ba da amsa ko ta halin ƙaƙa. Idan ba su samu gidan ba, sai su ba da titin; idan ba su samu titin ba, sai su ba da tsakiyar unguwar ko garin; wani lokaci ma tsakiyar ƙasar baki ɗaya. A kowane mataki lambobin da ke fitowa iri ɗaya ne a ido, masu alƙaluma shida ko bakwai bayan ɗigo, ta yadda wanda ya dubi ginshiƙin latitud da longitud kaɗai ba zai iya bambance ƙofar gida da tsakiyar birni ba.

Yawan alƙaluman ma ba ya nuna komai game da inganci. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, saboda haka alƙalami na uku bayan ɗigo yana wakiltar kimanin mita 111, na biyar kuma ɗan fiye da mita ɗaya. Manhaja tana iya rubuta tsakiyar gari da alƙaluma bakwai, kamar ta auna shi da ma'aunin tela, alhali gidan da ake nema yana can nesa da kilomita goma.

Wane gyara ya kamata in yi wa teburin kafin in tura shi?

Abu na farko shi ne a ba kowane layi lamba tasa ta musamman wadda ba za ta canza ba. Wasu manhajoji ba sa dawo da sakamako bisa jerin da aka tura musu, kuma idan babu wannan lamba, mutum zai manna lambobin taswirar wani a kan sunan wani ba tare da ya sani ba. Manhajar Hukumar Ƙidayar Amurka, wadda ke karɓar adireshi har 10,000 a fayil ɗaya amma na cikin Amurka kaɗai, tana buƙatar wannan lamba a ginshiƙin farko tun kafin ta fara aiki, kuma wannan ɗabi'a ce da ta dace a bi da kowace manhaja.

Na biyu, a ajiye ginshiƙin adireshin asali kamar yadda aka shigar da shi, a yi gyara a wani sabon ginshiƙi na gefe. A cikin sabon ne za a cire abin da ba adireshi ba, kamar sunan mai karɓa, lambar waya, da kwatance irin "ƙofa ta biyu, a buga da ƙarfi". Kwatancen yana da amfani ga direba, don haka kada a zubar da shi, amma manhaja tana iya ɗaukar kalma ɗaya daga ciki ta zaci sunan titi ce. A raba titi, gari, jiha da ƙasa zuwa ginshiƙai dabam-dabam idan hali ya yi, domin manhajar da aka gaya mata wane ne gari ba ta buƙatar yin hasashe.

Akwai kuma ɓarnar da manhajar teburin kanta take yi a ɓoye. Idan aka buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye a Excel, lambar gidan waya mai farawa da sifili tana iya rasa sifilin, sannan lambar gida irin 3-5 tana iya rikiɗa ta koma kwanan wata. Maganin shi ne a shigo da waɗannan ginshiƙai a matsayin rubutu, a kuma adana fayil ɗin da tsarin UTF-8 domin haruffa masu lanƙwasa ko masu alama a sama su isa lafiya. A ƙarshe a cire maimaici, saboda babu dalilin tambayar adireshi ɗaya sau biyar.

Zan iya tura dubban layuka lokaci guda?

Ya danganta da mai sabar, wato kwamfutar da ke karɓar tambayoyin ta intanet. Manhajar Nominatim, wadda ke aiki da bayanan OpenStreetMap, wato taswirar duniya da 'yan sa-kai ke haɗawa, ba ta yarda a wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa a sabarta ta jama'a ba, tana buƙatar mai tambaya ya bayyana sunan manhajarsa, kuma tana son a adana amsar da aka samu maimakon a sake tambaya. Mai aiki babba da ake maimaitawa kullum gara ya kafa tasa sabar ko ya biya mai sayar da wannan hidima. Ga mai amfani da Python, ana yawan yin haka, inda `adireshi` yake riƙe da rubutun adireshi ɗaya daga teburin:

```python
from geopy.geocoders import Nominatim
from geopy.extra.rate_limiter import RateLimiter

g = Nominatim(user_agent="tebur_adireshi")
nemo = RateLimiter(g.geocode, min_delay_seconds=1,
                   swallow_exceptions=False)
amsa = nemo(adireshi, exactly_one=False, addressdetails=True)
```

Saiti biyu na cikin wannan rubutu suna da nauyi fiye da yadda suke a ido. Idan aka bar `swallow_exceptions` yadda ya zo, to duk lokacin da sadarwa ta katse kuma sake gwaji ya ci tura, abin da zai dawo shi ne `None`, daidai da abin da ke dawowa idan ba a samu adireshin ba. Mutum zai zauna yana gyara adireshin da lafiyarsa ƙalau, alhali laifin na sadarwa ne. Shi kuma `exactly_one=False` yana sa a ga jerin wuraren da manhajar ta samo, ba na farko kaɗai ba, kuma za a ga amfanin hakan nan gaba. A manhajar Google ma akwai irin wannan bambanci: `ZERO_RESULTS` yana nufin an nema ba a samu ba, `OVER_QUERY_LIMIT` kuwa yana nufin an wuce iyakar tambaya, sai a dakata a sake.

Kashi 96 cikin ɗari na layukana sun sami lambobi. Ashe aiki bai yi kyau ba?

Wannan adadi yana faɗin yawan lokutan da manhajar ta ba da amsa, bai ce komai ba game da yawan lokutan da amsar ta zama daidai. A gani na, layin da ya dawo babu komai shi ne mafi sauƙin sha'ani, domin ya bayyana kansa, kowa zai gan shi ya gyara. Mai haɗarin shi ne layin da ya dawo da lambobi cif-cif na wani wuri dabam, saboda zai shige cikin sauran ba tare da an lura ba, sai ranar da direba ya tsaya a gaban wani fili yana kiran waya. Manhajar da aka sassauta mata sharuɗɗa tana iya kai adadin kusa da ɗari bisa ɗari, amma abin da ta ƙara yawanci hasashe ne. Shi ya sa idan wani ya kawo mini rahoto yana alfahari da yawan layukan da suka cika, tambayata ta farko ita ce: nawa ne daga ciki suka kai matakin gida?

Ta yaya zan san matakin da kowane sakamako ya tsaya?

Kowace manhaja mai kyau tana faɗa, matsalar ita ce mutane suna kwafo latitud da longitud su watsar da sauran amsar. A ta Google, bayanin yana cikin `location_type`, kuma ƙimarsa huɗu ce. `ROOFTOP` yana nufin ɗigon ya dace da takamaiman adireshi. `RANGE_INTERPOLATED` yana nufin an ƙiyasta wurin ne tsakanin wurare biyu da aka sani a kan titin. `GEOMETRIC_CENTER` tsakiyar wani abu ne mai tsawo ko faɗi, kamar titi ko fili. `APPROXIMATE` kuma kusan-kusan ne kawai, kuma shi ne abin da ake gani idan an koma kan gari ko yanki. Tare da shi akwai `types`, inda `street_address` ko `premise` ke nuna gida, `route` titi, `locality` gari.

A manhajar ArcGIS ta kamfanin Esri, ginshiƙin da ya yi daidai da wannan shi ne `Addr_type`, inda `PointAddress` yake gida, `StreetAddress` ƙiyasi a kan titi, `StreetName` titi ba tare da lamba ba, `Postal` da `Locality` kuma yankuna. A Nominatim ana duba `place_rank`: 30 gida ne ko gini, 26 da 27 titi, 4 kuma ƙasa baki ɗaya. Sunayen sun bambanta amma tsanin ɗaya ne. Abin da nake ba da shawara shi ne a buɗe ginshiƙi guda a tebur a kira shi "mataki", a fassara duk waɗannan zuwa kalmomi huɗu: gida, ƙiyasi, titi, yanki. Haka kuma a adana cikakken adireshin da manhajar ta dawo da shi, wato `formatted_address` a Google ko `display_name` a Nominatim, domin duk binciken da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Sakamakon ƙiyasi abin dogaro ne?

Sau da yawa yana isa, amma yana da kyau a san yadda ake yin sa domin a san inda yake kuskure. Rumbun bayanan bai san inda kowane gida yake ba. Abin da ya sani shi ne wani yanki na titi ya fara daga nan ya ƙare a can, kuma lambobin gefe ɗaya sun tashi daga kaza zuwa kaza. Mu ɗauka yankin titin mita 200 ne, kuma an rubuta cewa gefen dama yana ɗauke da lambobi daga 2 zuwa 98. Idan aka nemi gida mai lamba 50, manhajar za ta lissafa cewa 50 tana tsakiyar 2 da 98, sai ta ajiye ɗigon a mita 100 daga farkon titin.

Lissafin yana tafiya daidai muddin gidajen girmansu ɗaya kuma lambobin duk an yi amfani da su. To amma a ce a zahiri gidaje goma sha biyu ne kawai a wannan gefe, daga 2 zuwa 24, sauran lambobin an tanade su ne a takarda. Gida mai lamba 24 yana can ƙarshen titin, kusa da mita 200, amma manhajar za ta raba 22 da 96 ta ninka da 200, ta ajiye shi a kimanin mita 46. Kuskuren ya kai wajen mita 150, kuma duk gidajen titin za su cunkushe a farkonsa. A cikin gari wannan ba zai hana direba samun gidan ba, tunda yana kan titin da ya dace. A karkara, inda yanki ɗaya na hanya yake iya kai kilomita da dama, irin wannan kuskure yana girma daidai da tsawon hanyar.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Ƙiyasi ba ya tabbatar da cewa gidan yana nan. A misalin da ya gabata, idan ma'aikaci ya yi kuskure ya buga 74 maimakon 14, manhajar za ta ba da ɗigo ga gida mai lamba 74 ba tare da wani ƙorafi ba, tunda 74 tana tsakanin 2 da 98, ko da yake babu wanda ya taɓa gina shi.

Manhajata tana ba da maki daga 0 zuwa 100. Ba zan iya karɓar duk abin da ya haura 90 kawai ba?

Makin yana auna kamannin rubutun da aka tura da rubutun da aka samo, ba ya auna nisan ɗigon da ƙofar abokin ciniki. Idan layi bai ƙunshi komai ba sai sunan gari, kuma garin yana cikin rumbun, makin zai iya zama 100, domin an sami abin da aka tambaya daidai, amma ɗigon yana tsakiyar gari. A gefe guda, adireshin da aka yi kuskuren harafi ɗaya a sunan titinsa zai rasa maki, alhali ɗigonsa yana kan rufin gidan da ake nema. Saboda haka maki sai an haɗa shi da mataki kafin ya yi ma'ana, kuma 90 na wannan manhaja ba 90 na waccan ba ne.

Masu amfani da Nominatim suna da nasu tarkon. Ƙimar `importance` tana kama da makin tabbaci, tunda yawanci tana tsakanin sifili da ɗaya, amma abin da take aunawa shi ne shaharar wurin, wadda galibi ake ɗaukowa daga matsayinsa a Wikipedia. Babban birni zai sami ƙima mai yawa, gidan talaka a ƙaramin titi kuma kaɗan. Wanda ya tace teburinsa da ita zai riƙe sakamakon da suka koma tsakiyar manyan birane, ya zubar da waɗanda suka faɗa kan gida daidai. Na taɓa ganin tebur da aka tace haka, kuma sai da aka zuba shi a taswira aka gane an ajiye ƙaiƙayi an watsar da tsaba.

Google ba ta ba da maki, sai dai alamar `partial_match`, wadda ke bayyana idan ba ta sami daidai abin da aka tambaya ba amma ta dace da wani ɓangare. Ba kowane layi mai wannan alama ne kuskure ba, amma kowanne ya cancanci a dube shi.

To wane bincike ne ya fi kama kurakurai?

Kwatanta abin da aka tura da abin da ya dawo, sashe da sashe. Lambar gida ta dawo yadda take? Sunan titi fa? Gari, jiha, ƙasa? Wannan bincike ba ya buƙatar taswira, ana iya yin sa da ƙa'idar tebur mai sauƙi, kuma shi ne ke tona asirin sakamakon da ya zo da matakin gida da maki mai yawa amma a wani gari. Sunayen wurare suna maimaituwa fiye da yadda ake zato. Akwai Tripoli a Libiya akwai a Lebanon, akwai Hyderabad a Indiya akwai a Pakistan, akwai London a Ingila akwai a Ontario ta Kanada, kuma a cikin ƙasa ɗaya sunan titi guda yana iya kasancewa a garuruwa da yawa, har da gida mai lamba iri ɗaya. Idan layi bai faɗi ƙasa ko jiha ba, manhajar za ta zaɓi wanda ya fi shahara, ba wanda abokin cinikin yake zaune ba.

Ana rage wannan tun daga tambaya, ta hanyar killace bincike a ƙasa ɗaya, da `countrycodes` a Nominatim ko `components=country:` a Google. A lura cewa saitin `region` da `bounds` na Google karkatar da sakamako kawai suke yi, ba sa hana shi fita waje.

A nan ne kuma ganin dukkan wuraren da manhajar ta samo yake amfani. Idan na farko da na biyu sun yi kunnen doki ko kusa da haka, kuma tsakaninsu akwai kilomita arba'in, to zaɓin na farko caca ce. Manhajar Hukumar Ƙidayar Amurka tana rubuta `Tie` a irin wannan hali ta ƙi ba da lambobi, ArcGIS kuma tana sa `T` a ginshiƙin `Status`. Inda manhaja ba ta faɗa da kanta, sai mai aikin ya ƙirga da kansa.

Kwatancen yana buƙatar ɗan haƙuri, domin gajarta kalma ko bambancin manyan haruffa da ƙanana zai sa ƙa'idar ta ce an saɓa alhali ba a saɓa ba. Gara a fara da lambar gida da gari, waɗanda suka fi sauƙin kwatantawa, a bar sunan titi ga ido a layukan da suka rage.

Na ga abokan ciniki talatin a ɗigo ɗaya. Me ya faru?

Ko dai suna zaune a bene ɗaya ko suna aiki a gini ɗaya, ko kuma manhajar ta kasa samun gidajensu ta tara su a tsakiyar yanki. Ana gane bambancin ta duba adireshin asali: idan titunansu dabam-dabam ne amma lambobinsu ɗaya, to tarawa ce. Idan latitud yana ginshiƙin F, longitud kuma a G, wannan ƙa'ida za ta ƙirga masu raba ɗigo ɗaya:

```
=COUNTIFS(F:F,F2,G:G,G2)
```

Sai a jera teburin daga adadi mafi girma zuwa ƙasa, a duba na sama. Wannan bincike yana da muhimmanci musamman ga mai son sanin inda ciniki ya fi yawa, domin tarin ƙarya a tsakiyar gari zai bayyana a taswira kamar unguwa mai albarka, har a yanke shawarar buɗe reshe a wurin da babu abokin ciniki ko ɗaya.

Zuba dukkan ɗigon a taswira a dube su daga nesa yana kama wasu kurakurai biyu cikin daƙiƙa. Na farko shi ne ɗigon da ya faɗa a latitud 0 da longitud 0, a cikin teku a mashigin Gini, wanda ke faruwa idan wata manhaja ta cike gurbin da babu komai da sifili. Na biyu shi ne juyewar latitud da longitud. Mutane sun saba faɗin latitud da farko, amma tsarin fayil ɗin taswira na GeoJSON yana sa longitud da farko, haka ma fayil ɗin da manhajar ƙidayar Amurka ke dawowa da shi. Latitud ba ya wuce 90, don haka idan aka ga 103 a ginshiƙinsa an san an juya. Idan kuwa lambobin biyu duk suna ƙasa da 90, babu abin da zai nuna sai taswira.

Za a iya nuna yadda duk wannan yake haɗuwa a tebur guda?

Mu ƙaddara tebur mai layi 1,200, kuma dukkan adadin da ke biye na misali ne. Bayan cire maimaici ya rage adireshi 1,080, wanda a tambaya ɗaya kowace daƙiƙa zai ɗauki minti 18. Layi 1,040 sun dawo da lambobi, 40 babu komai, wato kashi 96 cikin ɗari sun cika. Da aka duba ginshiƙin mataki, sai aka ga 610 gida ne, 230 ƙiyasi, 130 titi, 70 yanki.

Idan aikin kai kaya ne, 200 na ƙarshe ba za su shiga tsarin hanya ba sai an gyara su, saura 840. A kan waɗannan aka yi kwatance, sai 20 suka nuna gari dabam da wanda aka tura, 35 kuma suka nuna wata lambar gida ko wani titi. An ware su, saura 785, wato kusan kashi 73 cikin ɗari na adireshin. Wannan shi ne adadin da ya kamata a kai wa shugaban aiki, ba 96 ba.

Idan kuwa aikin shi ne ƙirga abokan ciniki gari-gari, to hukuncin ya canza. Layukan titi 130 sun wadatar, yawancin na yanki 70 ma haka, muddin garin da ya dawo shi ne wanda aka tura, kuma abin damuwa kawai shi ne masu saɓanin gari da 40 da ba su dawo da komai ba. Tebur ɗaya ne, amma abin da za a amince da shi ya bi abin da za a yi da shi, shi ya sa ake fara yanke shawarar nisan kuskuren da aikin zai iya jurewa kafin a fara tacewa.

Ko 785 ɗin ma ba a barin su haka. A zaɓi samfuri ta hanyar ƙuri'a, ba layukan farko na tebur ba, kuma a zaɓa daga kowane mataki dabam, a buɗe kowanne a taswira ko hoton tauraron ɗan'adam, ko a kwatanta da wurin da direba ya taɓa tsayawa idan akwai wannan bayani. Masana ƙididdiga suna da ƙa'ida mai sauƙi a nan: idan aka duba samfuri ba a sami kuskure ko ɗaya ba, to da tabbacin kashi 95 cikin ɗari ana iya cewa kuskuren bai wuce uku a raba da girman samfurin ba. Samfuri 60 marar kuskure yana nufin bai wuce kimanin kashi 5 ba, samfuri 100 kuma kashi 3. Duba layi goma ba ya tabbatar da abin kirki, domin iyakarsa tana wajen kashi ɗaya bisa huɗu ko fiye.

Idan na gwada manhaja ta biyu kuma ta yarda da ta farko, magana ta ƙare?

Gwaji ne mai kyau, musamman ga layukan da ake shakka. Idan lambobin manhaja ta biyu suna H da I, wannan ƙa'ida tana ba da nisan da ke tsakani a kilomita, kuma ta isa ga tazara gajera:

```
=111.2*SQRT((F2-H2)^2+((G2-I2)*COS(RADIANS(F2)))^2)
```

Inda tazarar ta yi yawa, lalle ɗaya daga cikinsu ta yi kuskure, sai a duba. Amma yarjejeniya ba hujja ba ce idan duka biyun daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Hidimomi da yawa an gina su a kan bayanan OpenStreetMap, kuma idan titi ya ɓace a can zai ɓace musu duka. Haka nan manhajoji biyu da suka koma tsakiyar gari ɗaya za su yarda da juna sarai, duk da cewa babu wadda ta sami gidan.

Me zan yi da layukan da suka faɗi, kuma zan iya adana sakamakon har abada?

A fara da waɗanda gyaransu yake a fili, kamar kuskuren harafi ko garin da aka manta, a sake tura su. Waɗanda adireshinsu kwatance ne zalla, ko suke a sabuwar unguwar da ba ta shiga rumbun ba tukuna, babu manhajar da za ta warware su; hanya mafi inganci ita ce abokin cinikin ya turo wurinsa daga wayarsa, ko direba ya adana ɗigon ranar da ya kai kaya. Irin wannan ɗigo a sa masa alama a tebur cewa da hannu aka tabbatar da shi, tare da kwanan wata, domin kada gudu na gaba na manhajar ya goge shi ya maye gurbinsa da hasashe.

Batun adanawa kuwa ya danganta da sharuɗɗan mai hidimar, kuma a karanta su kafin a fara. Sharuɗɗan Google sun taƙaita ajiye latitud da longitud zuwa kwana 30, amma sun yarda a riƙe `place_id`, wato lambar shaidar da Google ke ba kowane wuri, ba tare da wannan iyaka ba. Bayanan OpenStreetMap suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ke buƙatar a ambaci tushensu. Sannan a tuna cewa adireshin gida bayanin sirri ne na mutum, kuma tura shi ga sabar wani kamfani fitar da shi ne daga hannun mai riƙon amana. A tura lambar layi da adireshi kaɗai, a bar suna da lambar waya da tarihin sayayya a gida, kuma inda dokar kare bayanai ko yarjejeniya da abokan ciniki ta hana fitarwa, a kafa manhajar a kan sabar da ke ƙarƙashin ikon mai teburin.